Yadda Za Ka Ƙi Sa Jari a Kasuwancin Abokinka a Jidda Ba Tare da Zumunci Ya Lalace Ba

Duk Bahaushen da ya zauna Jidda ko Makka har aka san yana da iƙama mai kyau da albashin da ke shigowa duk ƙarshen wata, to ya shirya, wata rana wani na kusa da shi zai zo masa da maganar haɗa jari. Ba baƙo ne ke zuwa ba. Wanda kuka taɓa kwana ɗaki ɗaya ne a Karantina, ko wanda ya tarbe ka a filin jirgi ranar da ka fara sauka, ko wanda matarsa ta yi jinyar taka lokacin haihuwa. Shi ya sa baki ke yin nauyi.

A yawancin rigingimun da na gani tsakanin abokai kan wannan magana, ƙin ba da kuɗin shi kaɗai bai raba kowa ba. Abu uku ne ke rabawa: jan rai, ƙaryar uzuri, da kushe sana'ar mutum a gabansa. Matakan da ke ƙasa duk hanyoyin kauce wa waɗannan ukun ne.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Mu ce kai ma'aikacin kamfani ne a Jidda, kana da mata da 'ya'ya uku a kan iƙamarka, ka kuma tara riyal 40,000 a banki. Abokinka direba ne a takarda, amma ya iya tsire da girki, yana son buɗe ƙaramin gidan abinci. Lissafinsa ya kai riyal 120,000 tsakanin haya, gyaran shago, firji da murhu. Yana neman riyal 30,000 daga wajenka, ya ce duk wata zai ba ka 1,500, uwar kuɗinka kuma tana nan daram. Rajistar shagon da sunan wani ɗan ƙasa za a yi, "mutumin kirki ne, sunansa kawai zai ara mana."

Daren da ya kawo maganar

Ka bar shi ya gama. Kada ka katse shi da "ai ni ba ni da", ko da tun jimlarsa ta biyu ka san ba za ka shiga ba. Mutumin nan ya daɗe yana juya maganar a ransa kafin ya iya furta ta, kuma abin da zai riƙe daga baya shi ne ko ka saurare shi ko ka wancakalar da shi. Ka ajiye waya. Ka yi masa tambayoyin da ke nuna ka fahimta: a wace unguwa shagon yake, nawa ne hayar shekara, wa da wa suka riga suka shiga, sunan wa zai hau sijilli, wato takardar rajistar kasuwancin. Waɗannan amsoshin za su yi maka amfani gobe.

Abin da ba za ka yi ba a daren shi ne ka rufe hirar da "to, Allah ya sa mu gani" ko "in sha Allahu ba matsala". Kai kana nufin ka samu hanyar tashi, shi kuwa ya ji ka amsa. Da safe zai kira mai ginin ya ce kuɗi sun kusa cika, wataƙila ma ya ba da kafin alƙalami na riyal 5,000 saboda maganarka. Ranar da ka janye, ba ƙin taimako kaɗai zai gani ba, asara ce ka jawo masa, kuma yana da gaskiya.

Ka yanka masa rana, ka kuma rage masa zato tun a lokacin. Misali: "Alhaji, na ji bayaninka, na gode da ka tuna da ni. Ka ba ni zuwa Juma'a in duba halin da nake ciki. Amma don Allah kada ka ɗora komai a kaina tukuna, kada ka ba kowa kuɗi saboda ni, don na fi zaton zai yi wuya." Kwana uku zuwa mako ɗaya ya isa. Ƙasa da haka zai ga kamar ba ka ma yi tunani ba, fiye da haka kuma ya zama jan rai. In ka ce za ka yi istihara, to ka yi ta da gaske, kada ka mai da ita labulen da za ka ɓuya a baya wata biyu.

Ka gane abin da ake nema a wajenka

Kafin ranar da ka yanka, ka zauna kai kaɗai ka warware maganar, domin mutanenmu kan cakuɗa abu uku su kira su duka "sa hannu". Akwai bashi, wanda za a mayar maka da abin da ka bayar ba ƙari ba ragi. Akwai ƙiradi, wato kuɗi naka aiki nasa, ku raba riba da kaso kamar rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, in kuma aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, kuɗinka ne suka tafi, shi kuma wahalarsa ta tafi. Sannan akwai tarayya, inda kowa ya zuba nasa, riba bisa yarjejeniya, asara bisa gwargwadon abin da kowa ya zuba.

Tayin da ke cikin misalinmu bai zauna a ko ɗaya ba. An lamunce maka uwar kuɗi, an kuma yanka maka riba ƙayyadadda duk wata. A wajen malaman fiƙihu, kuɗin da aka lamunce dawowarsu bashi ne, ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi kuwa riba ce ta haram. Abokinka bai yi nufin haka ba, yana ƙoƙarin kwantar maka da hankali ne, amma hukuncin bai canja ba. Ta fuskar lissafi ma, riyal 1,500 sau 12 ya kama 18,000 a shekara, wato kashi 60 cikin ɗari na abin da ka zuba. Sabon gidan abinci da zai biya haya, wuta, albashin yara da tsadar nama, sannan ya fitar da wannan ga kowane mai jari tun watan farko, abu ne da ba kasafai ake gani ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ya biya ka wata uku ko huɗu daga cikin jarin kansa don kunya, daga nan ya fara ƙin ɗaga wayarka.

Sai maganar sunan ɗan ƙasa, wadda ita ce mafi nauyi a nan Saudiyya. Baƙo ya gudanar da kasuwanci don kansa a ƙarƙashin sijillin wani, shi ne abin da hukuma ke kira tasattur. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 5, ko ɗaya daga ciki, baƙon da aka samu da laifi kuma a fitar da shi daga ƙasar. Ko da ba a taɓa kama kowa ba, ka duba inda kuɗinka suke: shago, asusun banki da kwangilar haya duk da sunan mutumin da ba ka taɓa zama da shi ba. In ya rasu, magadansa za su ga shagon mahaifinsu ne. In bashi ya hau kansa, kayan shagon na cikin abin da za a iya kamawa. Kai kuma ba ka da takardar da za ka ɗaga a gaban alƙali ba tare da ka tona kanka ba. Akwai hanyar da baƙo ke mallakar kasuwanci a fili ta Ma'aikatar Zuba Jari, amma ba ita abokinka ya zo da ita ba.

Amfanin wannan zama shi ne ka san ƙinka na wane iri ne. Shin tsarin ne ba ka yarda da shi ba, ta yadda in an gyara za ka shiga? Ko kuwa ko an gyara ba ka so, saboda kuɗin na wata hidima ne, ko saboda ba ka son kuɗi su shiga tsakaninku? Ka ba kanka amsa ta gaskiya, domin abin da za ka faɗa masa ya dogara da ita.

Dalilin da za ka faɗa

Ka zaɓi dalili ɗaya, ya zama gaskiya, ya zama a kanka yake ba a kansa ba, kuma ya zama wanda ba zai iya warware maka shi ba. Mutum in ya jero dalili biyar, na gabansa zai kama mafi rauni ya rushe shi, sai hira ta koma ciniki.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami. Ka ce "sai an biya mu kuɗin hutu", zai jira watan. Ka ce "matsalata sunan ɗan ƙasar nan ne" alhali ko babu shi ba ka so, zai dawo bayan mako biyu da wani tsarin, ka rasa ta cewa. Ka ce "uwargida ce ba ta yarda ba", ka jefa matarka cikin bakin mata, kuma matarsa za ta je ta same ta. Ka ce "wallahi ko riyal ba ni da shi", alhali ku biyun kuna adashe ɗaya ya san watan da ka kwasa, ko kuma bayan wata biyu a gan ka da sabuwar mota. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a tsakanin Hausawan Jidda da Makka, inda labarin da aka yi a Sabil da la'asar yake isa Shara Mansur kafin a yi isha'i.

Kana da kuɗi, ka amsa kana da su, ka ce suna da inda za su. A misalinmu wannan ba ƙarya ba ce. Kuɗin da ake biya wa iyalin baƙo riyal 400 ne a wata kan kowane mutum, mata da 'ya'ya uku sun kama 1,600 a wata, 19,200 a shekara, kuma sai an biya ake sabunta iƙama. Ka ɗora hayar gida a kai, ka ga riyal 40,000 ɗin nan ba rara ba ce, ita ce abin da zai riƙe ku in kamfani ya sallame ka gobe. Ba dole ka karanta masa wannan lissafi ba. "Abin da na ajiye na iƙamar yara ne da haya, ba na taɓa shi" ya wadatar, kuma duk mai iyali a ƙasar nan ya san abin da kake nufi.

In kuwa ainihin dalilinka shi ne ba ka haɗa kuɗi da aboki, ka faɗe shi a matsayin ƙa'idarka. Sai dai ka tabbata ƙa'ida ce da gaske. In bara ka sa jari a kagon wani abokinku da ke tura kaya Kano, wannan magana ba taka ba ce, ka nemi wata.

Inda za a yi maganar da yadda za a yi ta

Kai za ka neme shi, kada ka jira ya neme ka. In ka ce Juma'a, to ranar Alhamis da dare ka kira shi ku tsayar da lokaci. Wanda aka bari yana bibiya yana jin kansa kamar maroƙi, wannan jin kuma ya fi rashin kuɗin ciwo.

Ka je da ƙafarka. Saƙon WhatsApp ba shi da fuska, ana kuma iya tura shi ga wani, muryar da ka naɗa ma haka. Kada ka yi maganar a majalisa, ko a gaban matarsa, ko a gaban sauran waɗanda suka riga suka zuba kuɗi, domin ƙinka zai iya sa su ma su ja da baya, ya ɗora maka laifin rushewar abin gaba ɗaya. Ku biyu kawai, bayan isha'i, a gidansa in akwai inda za ku keɓe, ko cikin mota, ko wurin shan shayi da ba na 'yan unguwa ba. In ya girme ka, zuwa gidansa ya fi, girmamawa ce da zai lura da ita.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, kada ka yi ta kewaye-kewaye har shayi ya huce. Amsar ta fito a jimla ta biyu ko ta uku, kuma kalmar "ba zan" ta fito ƙarara:

"Alhaji, maganar da ka kawo mini na duba ta sosai. Ba zan iya shiga ba. Abin da ke hannuna na iƙamar yara ne da haya, na yi wa kaina alkawarin ba zan sa shi a kasuwanci ba, ko na wa. Na ga gara in zo in faɗa maka da bakina yau, don ka san inda za ka nema tun da sauran lokaci."

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun yana da wuya, kuma a cikinsa ne mutane ke ɓata abin da suka gyara. Za ka ga fuskarsa ta canja, ya sunkuyar da kai yana juya kofi a hannu, sai tausayi ya sa ka ce "amma dai bari mu ga bayan Hajji". Ka riƙe bakinka. In ka buɗe wannan ƙofa, ka mai da hannun agogo baya, za ku sake wannan zama bayan Hajji cikin yanayi mafi muni. Haƙuri sau ɗaya ya isa. Yawan "don Allah ka yafe mini" yana sa abin ya yi kama da laifi, shi ma ya fara ganinsa haka.

Kada ka ce tsirensa ba zai karɓu ba, ko unguwar ba ta da masu saye, ko "kai da ba ka taɓa riƙe shago ba". Ko gaskiya ne, ba ranar ba ce. Wanda ya hana kuɗi sannan ya ɗora da nasiha kan iyawar mutum ya haɗa masa zafi biyu.

Maganar tasattur daban take, domin haɗari ne a kansa, kuma haƙƙin abota ne ka faɗa masa. Amma ka raba ta da ƙinka. Ka bari sai ya karɓi amsar, ko a ƙarshen zaman ko bayan kwana biyu, ka ce: "Akwai abin da ke damuna game da kai, ba game da kuɗina ba. Wannan tsari na aron suna, ka san hukuncinsa a yanzu. Ina jin tsoron ka zuba guminka a abin da ba sunanka a kai. Kafin ka sa hannu, ka tambayi lauya." Sau ɗaya za ka faɗa, ka bar shi da shawararsa. Haka ma batun ƙayyadaddiyar riba, ka ce ya tambayi malamin da ya yarda da shi, kada ka hau mumbari a ɗakinsa.

In ya dawo ta wata ƙofa

Da wuya a tsaya a amsar farko, kuma ba mugunta ba ce, mai nema ne. Yawanci zai fara da ragi: "To ko 10,000 ne." Amsarka ba ta canja ba, tunda ba yawan kuɗin ne dalilinka ba. In ka ba da 10,000 don kunya, ka zama abokin tarayya da duk abin da ke tattare da hakan, kuma ranar da firji ya lalace kai za a fara kira.

Sai ya juya ya ce to ka ranta masa. Wannan tambaya ce daban, ka amsa ta daban. Ma'aunin da na yarda da shi shi ne kada ka ranta wa aboki abin da in bai dawo ba za ka kasa gaishe shi da sakin fuska. In wannan adadi a wajenka riyal 2,000 ne, ka ce: "Jari ba zan iya ba, amma ga 2,000 bashi, ka biya bayan wata shida, ba na son ko halala a kai." Ku rubuta, da adadi da ranar biya da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba wanda zai ce ka raina shi. Ka tura ta banki daga asusunka zuwa nasa, ka rubuta cewa bashi ne, kada ya bi ta asusun shagon. In kuma ko 2,000 ɗin za ta dame ka, ka ce a'a nan ma.

Ƙofa ta uku ta fi kowacce haɗari domin ba a ganin kuɗi suna fita. "Ba sai ka ba da komai ba, ka tsaya mini kawai wajen mai kayan", ko "ka karɓo bashin banki da sunanka tunda kana da albashi, ni zan riƙa biya", ko "ka amince da wannan takarda a Nafith". Wannan takarda ta alkawarin biyan kuɗi da ake amincewa da ita a dandalin intanet na Nafith, wadda ake kira sanad li amr, ba wasa ba ce: mai ita yana wucewa kai tsaye kotun zartarwa ba sai an yi doguwar shari'a ba, kuma in ba a biya ba ana iya taɓa asusun wanda sunansa ke kai, a hana shi fita ƙasar. Baƙon da aka hana fita, ko rasuwa aka yi masa a gida ba shi da halin zuwa. Haka nan kada ka ba da asusunka a riƙa karɓar cinikin shago ko tura kuɗi gida ta cikinsa. Kuɗin da suka fi albashinka suna shiga suna fita, kai za a tambaya daga ina. A nan ba sassauci, kuma ka faɗa a taƙaice: "Sunana da asusuna ba na ba kowa, ko ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya."

Wani lokaci kuma zai turo babba, wani dattijon unguwa ko limamin da kuke jin nauyinsa. Ka karɓe shi da girmamawa, ka ba shi gahawa da dabino, ka maimaita masa jimlar da ka faɗa wa abokinka ba ƙari. "Baba, na riga na yi wa Alhaji bayani, abin da ke hannuna na iƙamar yara ne." Kada ka buɗe masa shakkunka kan shagon ko kan mai sunan, domin duk abin da ka faɗa zai koma, kuma ba da lafazinka zai koma ba. Ka kuma sanar da matarka amsar da ka bayar tun kafin a zo mata ta bayan gida, don bakinku ya zama ɗaya. Ita ma jimla ɗaya ta ishe ta: "Maganar maza ce, sun riga sun gama."

Abin da za ka iya yi masa

In kana son ka taimaka ta wata hanya, ka ambaci abu takamaimai wanda za ka cika. "Duk abin da kake buƙata ka faɗa mini" magana ce da ba ta da amfani ga wanda ya riga ya faɗi abin da yake buƙata aka ce babu. Ka ce za ka zauna da shi daren Asabar ku bi lissafin haya da nama da albashi layi-layi, in ya so. Ka ce za ka raka shi wajen lauya, ko ka haɗa shi da wanda ya bi hanyar da doka ta yarda ya buɗe nasa. Iyakarka ita ce kada taimakon ya mai da kai mai hannu a tsarin da ka guje wa: ba riƙe masa kuɗin ciniki, ba sa hannu a madadinsa. Kada kuma ka tura shi wajen wani abokinku da cewa "je ka wajen wane, yana da kuɗi". Ka sauke kayanka ka ɗora wa wani ke nan, in abin ya lalace kuma da sunanka za a fara.

Makonnin da ke biyo baya

Ka sa ran zai ɗan ja jiki. Sallamarsa za ta gajarta, wataƙila ya daina tsayawa hira bayan Juma'a. Mako biyu ko uku na irin wannan ba komai ba ne, kada ka bi shi da "ko fushi kake da ni?", domin tambayar tana tilasta masa ko ya yi ƙarya ko ya buɗe rigima. Kuskuren da aka fi yi a nan daga wanda ya ƙi yake fitowa: kunya ta kama shi, ya fara canja masallaci, ya daina kira, sai abokin ya fassara hakan da cewa ana gudunsa kamar mai cuta. Zumunta a ƙafa take. Cikin mako guda ka kira shi kan wata magana da ba ta shafi shago ba, jikin mahaifiyarsa a gida, ko jarrabawar ɗansa. In kun saba cin ful da tamis tare ranar Asabar da safe, ka zo a lokacin da ka saba zuwa. In an yi suna ko ɗaurin aure a gidansa, gudummawarka kada ta ragu, kada kuma ta yi yawan da za ta zama kamar diyya.

Bakinka kuma ya mutu a kan maganar. In wani a majalisa ya ce ya ji Alhaji ya neme ka, ka ce "mun yi magana, Allah ya sa masa albarka", ka canja zance. In wani da ake nema ya sa kuɗi ya zo neman shawararka a asirce, kada ka yi masa ƙarya, amma ka tsaya kan abin da ka sani tabbas: ya tambayi sunan wa ke kan sijilli, ya nemi a rubuta komai, ya tambayi malami kan tsarin ribar. Halin abokinka da iyawarsa ba abin da za ka tattauna da wani ba ne.

Za ka gane abin ya warke ranar da ya fara ba ka labarin shagon da kansa ba tare da ɗaci a murya ba, ko ya nemi wata ƙaramar alfarma irin ta da, kamar aron mota zuwa Makka. In wata uku suka wuce yana kauce maka, ko ka ji yana faɗa wa mutane ka yi masa alkawari ka saɓa, ka je ka same shi sau ɗaya ku biyu, ka tuna masa abin da ka faɗa a daren farko, cewa kada ya ɗora komai a kanka. In hakan bai yi ba, sai ka nemi dattijon da ku duka kuke jin maganarsa ya zaunar da ku, da sharaɗin zaman na gyara zumunci ne, ba za a sake buɗe maganar jari ba.

In shagon ya karɓu, ka taya shi murna a fili, kada ka ce "da na sani", kada kuma ka nemi shiga daga baya sai in shi ya kawo maganar kuma an gyara takardun. In ya rushe, kalmar "ai na faɗa maka" kada ta fito daga bakinka ko bakin matarka. A lokacin zai iya zuwa neman na cefane ko cikon kuɗin haya. Wannan ba jari ba ne, taimakon ɗan'uwa ne, ka ba shi abin da za ka iya a matsayin kyauta, ka faɗa masa kyauta ce don kada ya riƙa lissafa ta cikin basussukan da ke kansa.